Hattara da mai sayar da littafi a cikin leda

Jama'ar Ringim, Taura da ƙauyukan da ke kewaye, ku ji abin da ya sami ƙanena, domin mutumin da ya cuce shi yana nan yana bin kasuwanni da babur.

Yaron yana aji uku na babbar sakandare, bana zai zauna WAEC da NECO. Malaminsu ya ce kowa ya nemo littafin lissafi sabon bugu. Inna ta sayar da kajinta biyu, na cika, aka haɗa masa naira 8,000. Bai yi gaggawa ba. Ya shiga Ringim da takarda da biro, ya zaga kanti huɗu yana rubuta farashi. Kanti na farko sabo 9,500, na biyu 9,000 ba ragi. Na uku yana da na hannu a 5,000. Na huɗu wani dattijo ne, ya ce 4,500, ya buɗe masa da kansa ya nuna masa inda mai shi na farko ya yi rubutu da jan biro, ya kuma gaya masa gaskiya cewa bugun baya ne. Yaro ya dawo gida da niyyar ya jira a cika masa dubu ɗaya ya sayi sabo.

Ranar kasuwarmu sai ga wannan mutum ya shimfiɗa tabarma, littattafai a jere kowanne cikin leda yana sheƙi. Ga littafin nan, bango fes, wai 6,000. Ƙanena ya ciro takardarsa ya ce a gari 9,000 ne, ya aka yi? Mutumin ya ce, "Samari, ni daga kamfani nake sarowa kai tsaye, ba na biyan hayar shago." Ya nemi a buɗe ya duba, aka ce in an fasa leda an saya ke nan. A nan aka kama shi, kuma wallahi ba na ganin laifinsa. Lissafin da ya sha wahala ya yi, shi ne ya nuna masa riba.

Da dare muka fasa ledar. Warin gam ne ya fara dukan hancina. Bangon sabo ne, amma cikin ya yi ruwan ƙasa irin na takardar da ta daɗe a ajiye. An datse gefen littafin da injin yanka don ya yi fari, har lambar shafi ta kusa fita a wasu wuraren. Shafin da ke bayan sunan littafi, inda ake rubuta shekarar bugawa da bugu na nawa ne, an yage shi, ga guntun nan a jikin gam. A wani shafi an kankare tambarin wata makaranta har takardar ta yi shara-shara. Abin da ya fi ƙona min rai, daga shafi na 96 sai muka faɗa na 113. Littafi ana ɗinka shi ne daure-daure, galibi shafi 16 ko 32 a kowane dauri, to dauri guda ne ya zube aka manne sauran haka nan. Inna ta dubi littafin ta ce, "Araha ba ta ado," ta shige ɗaki.

Da ya kai wa malaminsu, aka jera shi da na gaske. Tsohon bugu ne, ya girmi ma na wurin dattijon nan, babin da suke kai a aji babu shi sam.

Don Allah, duk wanda zai sayi littafi, kada ya miƙa kuɗi sai an buɗe. Kantunan nan huɗu babu wanda ya hana shi dubawa. A fara neman shafin shekara da bugu. Akwai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a bayan bango, akwai ta a wannan shafin, a gwada su dole su zo ɗaya. Tun 2007 wannan lamba ta koma guda 13, saboda haka in bango na da 13 amma ciki na da 10 kaɗai, mai yiwuwa cikin ya girmi bangon. Sannan a bi lambobin shafi da yatsa, ba ya cin minti biyu. Kafin a bar makaranta kuma a tambayi malam bugu na nawa yake so, a rubuta.

Mako na gaba mun koma kasuwa da littafin, inda ya shimfiɗa tabarma mai tumatir muka tarar. An ce an gan shi wajen Taura da jan babur da kwali biyu a baya, har da littattafan firamare. Ƙanena ya koma wurin dattijon da 2,000 da suka rage, ya karɓa ya ba shi littafin, ya ce ya kawo cikon 2,500 bayan an sayar da riɗi.