Darasin Haɗa Abincin Kaji da Murabba'i: Kilo 11 da Aka Manta Sun Ci Mini Ƙwai

Na halarci darasin yini guda da ake yi wa masu kiwon kaji a nan Agege ne saboda kuɗin buhun abincin kamfani ya kai inda kaji 300 masu ƙwai da nake da su a bayan gida sun koma aiki don mai shago, ni kuwa sai sharar kashi. Kuɗin darasin kuwa ban yi ciniki a kansa ba, domin an yi mana alkawarin cewa duk wanda ya iya ragi da rabawa zai fita ya iya lissafin abincin kajinsa da biro da takarda.

A wannan alkawarin malamin bai yi ƙarya ba. Ya zana akwati mai kusurwa huɗu a kan allo, ya rubuta furotin ɗin da ake nema a tsakiya, wato kashi 17 cikin ɗari ga kaji masu ƙwai, sannan ya ɗora masara mai kashi 9 a kusurwar hagu ta sama, da dusar waken suya da aka tatse mai, mai kashi 44, a ta ƙasa. Daga nan sai a yi ragi a gicciye, kullum a cire ƙaramin adadi daga babba.

```
masara   9        27
             17
wake    44         8
```

Ma'anarsa ita ce kaso 27 na masara da kaso 8 na wake, jimilla 35. Idan kilo 100 ake so, masara za ta tashi kilo 77.1, wake kuma kilo 22.9. Na yi mamakin sauƙin abin, har na ji haushin shekarun da na yi ina ganin lissafin abincin kaji sai ɗan jami'a. A shafin ƙarshe na takardar da aka raba mana an rubuta cewa bayan an gama sai a ƙara farar ƙasa ta kaji, garin ƙashi, gishiri da firimis, wato garin haɗin bitamin da ma'adinai, kuma wannan jimlar guda ɗaya ce ta jawo mini duk abin da ya biyo baya.

Na je wurin niƙa a Oko-Oba, na auna masara da wake daidai yadda akwatin ya faɗa, sannan na zuba farar ƙasa kilo 8, garin ƙashi kilo 2, da gishiri da firimis da mitayonin, wani sinadarin gina jiki da ake ƙara wa abincin kaji, waɗanda suka kai kusan kilo ɗaya, duk a bisa kowane kilo 100. Makon farko ban ga komai ba, har na fara yi wa maƙwabta alfahari. A mako na uku ƙwai ya fara ƙanƙancewa, matar da take saye a wurina tana kaiwa kasuwa ta ɗaga ɗaya tsakanin yatsunta biyu ta tambaye ni ko na fara kiwon zabi ne. Kiret takwas da nake kwasa a rana ya sauka zuwa bakwai, wata rana ma bai cika ba. Ɓawon ƙwan yana da ƙwari, kajin ba su tari, ba su zawo, suna cinye abincinsu tas, don haka na zargi zafin Legas, na zargi ruwa, na sayi magungunan da ba su da wani amfani a wannan matsalar.

Wani dattijo Bazazzagi da ya daɗe yana aiki a wurin niƙan ne ya warware mini. Ya karɓi takardata ya duba, sai ya ce, "Alhaji, abincin nan naka kilo nawa ne idan ya fito daga inji?" Na ce kilo 100, Baba. Ya ce in sake ƙirgawa. Kilo 111 ne. Furotin ɗin da ke ciki kilo 17 ne, kuma farar ƙasa da gishiri ba su da furotin ko kaɗan, garin ƙashi ma ba a dogara da shi wajen wannan, saboda haka kilo 17 ɗin nan ya bazu a cikin kilo 111, ya koma kashi 15.3 cikin ɗari. Na tsarma abincin da hannuna kamar mai ƙara ruwa a koko, ina tsammanin ina bin ƙa'ida. Ƙwarin ɓawon ma shaida ne, domin sinadarin ƙashi ya wadata, abin da ke gina cikin ƙwan ne ya gaza.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba a bayan wani tsohon rasit. Da farko ana ware wa waɗannan ƙananan kayan gurbinsu, kilo 11, sai ya rage kilo 89 ga masara da wake. Tunda su biyun ne za su ɗauki nauyin kilo 17 na furotin gaba ɗaya, sai a raba 17 da 89, a sami kashi 19.1 cikin ɗari, kuma wannan ne adadin da ya kamata ya shiga tsakiyar akwatin. Ragin gicciye ya ba da kaso 24.9 na masara da 10.1 na wake, jimilla 35 kamar da, amma yanzu kilo 89 ake rabawa, wanda ya ba da masara kilo 63.3 da wake kilo 25.7. Baba ya sa na tabbatar da kaina: masarar ta kawo kilo 5.7 na furotin, waken ya kawo 11.3, an sami 17 cif a cikin kilo 100 na gaskiya. Bayan kamar mako biyu da sauya haɗin, girman ƙwai ya fara dawowa.

Da na huce na yarda cewa hanyar murabba'in ba ta da laifi, kuma har yau da ita nake aiki duk lokacin da farashin masara ya motsa. Har na fara tunanin cewa darasin ya ci kuɗinsa. Amma da na sake buɗe takardar sai ran nawa ya sake ɓaci, domin babu inda aka gargaɗe mu cewa kashi 44 na waken da aka tatse mai ne, alhali gasasshen wake mai cikakken mai, wanda shi ma "suya" ake ce masa a shago, furotin ɗinsa bai kai kashi 40 ba. Wani abokina da muka zauna benci ɗaya ya sayi irin wannan ya sa 44 a akwatinsa, ga kuma tsarmawar da ni ma na yi, nasa ƙwan ya fi nawa faɗuwa. Haka kuma ba a faɗa mana cewa akwatin sinadari ɗaya kawai yake daidaitawa a lokaci guda ba. Bai san ƙarfin kuzarin abinci ba, bai san ko mitayonin ya isa ba, kuma ba ya aiki sam idan adadin tsakiya bai faɗa tsakanin na kayan biyu ba.

Na kira malamin na karanta masa lissafin Baba. Ya ce ai wannan a darasi na biyu ake koyar da shi, kuma darasi na biyun da kuɗinsa daban. Ban je ba. Rasit ɗin nan da Baba ya yi lissafi a bayansa shi na liƙa a jikin ƙofar ɗakin kaji, takardar darasin kuwa tana ƙarƙashin sikeli, ina tokare ƙafarsa da ita don ya zauna daidai.