Gargaɗi: farin katakon da ake rinawa a sayar da sunan iroko ko maɗaci

Jama'a masu gini da kafintoci, a yi hattara da wasu masu sayar da katako. Suna ɗaukar katako mara ƙwari irin obeche, ko farin gefen itace mai daraja, su shafe shi da baƙin mai ko rini ja, su ce maka iroko ne ko maɗaci, gara ba ta ci. A ido ba ka da ta cewa. Sai an kafa firam ɗin ƙofa, an ɗora rufi, an yi damina biyu ko uku, sannan asiri ya tonu.

Wanda ya san dalilin da ya sa gara ke ƙin wani katako, da wuya a cuce shi. Idan aka yanke gungume za a ga sashe biyu: zuciyar itace a tsakiya mai duhu, da farin gefe a ƙarƙashin ɓawo. Yayin da bishiya ke tsufa, tana tara wasu sinadarai a zuciyarta, masu ɗaci da maiƙo, waɗanda ke hana gara ci, su kuma hana naman gwari mai ruɓar da itace yaɗuwa. Iroko, tik, kawo da ƙirya suna da su sosai. Farin gefe kuwa ba shi da su, ga shi cike da sitaci, abincin ƙwarin da ke huda katako su bar gari kamar fulawa. Saboda haka farin gefen iroko ba ya jure gara, duk da sunansa iroko. Mai sayarwa zai iya rantse maka cewa iroko ne, bai yi ƙarya ba, amma ya cuce ka. Obeche shi ko zuciyarsa ba ta da wannan kariya.

Rini ba ya shiga katako ya yi nisa, milimita ɗaya ko biyu ne. Don haka kafin ka biya, zaɓi guda uku da hannunka daga tsakiyar tarin, kada ka karɓi wanda aka miƙo maka. A datse santimita 5 daga bakin kowanne, domin baki ya fi shan rini, sai ka dubi sabon yankan. Idan waje ja ne ko baƙi, ciki fari fat, rinanne ne. A nan a lura, sabon yankan iroko na gaskiya ruwan ɗorawa yake fitowa, sai ya sha haske ya koma ruwan ƙasa, kada ka ƙi shi don wannan. Abin da za ka nema a jikinsa shi ne layin da ya raba duhu da fari. Duk katakon da farin ya ci kusurwarsa, a fere farin ko a mayar da shi. Farin ƙyalle da aka jiƙa da kananzir ma yana tona baƙin mai in aka goga.

Sai sikeli. Ɗauki tubaifo mai tsawon ƙafa 12, wato kusan santimita 5 da 10, tsawo mita 3.6. Busasshen iroko mai wannan girma yana kai kilo 12 ko kusa da haka, obeche kuma wajen kilo 7. Tazarar ba ta ɓoyuwa, kuma obeche in ka danna shi da farce sai ya lotsa. Amma macuta sun san da wannan, shi ya sa suke sayar da ɗanyen katako, ruwan da ke ciki ya ƙara masa nauyi. Ɗanye yana da sanyi a hannu, garinsa yana dunƙulewa a bakin zarto. A sa na'urar auna danshi in akwai. Abin da ya haura kashi 20 cikin ɗari bai dace da rufi ba, domin daga nan ne naman gwari ke samun wurin zama, kuma in ya bushe a sama zai murɗe ya saki ƙusa.

Ɓarnar takan fara ne daga ƙafar firam, inda ya taɓa ƙasa ko jiƙaƙƙen siminti, da katakon da ke kwance kan bango yana ɗauke da rafta. Gara tana hawowa ta cikin hanyar laka da take ginawa, ta cinye ciki ta bar fatar waje da fentinta lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ko sukurun hinji ya riƙa juyawa bai kama komai, to an riga an ci. Firam ana iya cire shi a sa wani, amma raftan da aka cinye sai an kware kwano.

In an ce maka an yi wa katakon magani, gwajin datsewa ɗin nan zai nuna. Maganin da aka tura da matsin inji yana ratsa farin gefe ya shiga ciki, wanda aka shafa da buroshi a fata yake tsayawa. A rubuta sunan itacen a rasit, tare da sharaɗin mayar da duk wanda aka yanka aka samu rinanne. Mai sayarwar da ya hana ka datsa guda ɗaya, ko da ka ce za ka biya kuɗinsa, bar masa kayansa.