Kafin ka rubuta wa dila neman farashin sari na kayan gem

Mai ƙaramin shago da ya tura wa dila saƙo cewa "nawa ne PS5 a sari?" zai sami amsa, amma amsar ba za ta yi masa amfani ba. PS5 ba iri ɗaya ba ce, kuma dila zai faɗi farashin wadda ya fi son rabuwa da ita. Shi ya sa zaɓe yake zuwa kafin wasiƙa: ka san wa kake sayar wa, ka san abin da zai fita a shagonka, sannan ka ɗauki biro.

A yawancin unguwanninmu, babban mai saye shi ne mai gidan gem, wanda samari ke biyansa su buga ƙwallo. Shi PS4 ta ishe shi. Tun 2013 ta fito, siririyar da ake kira Slim da kuma Pro suka biyo a 2016, masu gyara sun san cikinta, kuma wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ya ci gaba da fitowa a kanta. Sai dai yawancin PS4 da ke kasuwa yanzu tokumbo ce, ko an saka ta a kwali mai kyau. Don haka in za ka tambayi farashinta, tambayi har da matsayinta: an taɓa buɗe ta? Fankarta na ƙara? An yi mata kutse don a loda wasanni? Wadda aka yi wa kutse tana da masu sonta, amma ba ta dace da mai son buga wasa ta intanet ba, kuma shi ne zai dawo maka da ita da faɗa.

PS5, wadda ta fito a 2020, ta fi tafiya wajen mai saya wa gida. A nan ne kuɗi ke kwanciya, domin jarin guda ɗaya zai cika maka kanta da ƙananan kaya. Akwai mai cin faifai, akwai wadda sai dai a sauke wasa ta intanet. A inda data ke da tsada kuma wasa ɗaya kan haura gigabait hamsin, ni mai faifai nake ba da shawara, ko da ta fi kuɗi, saboda mai ita zai iya sayen faifan hannu ko ya yi musaya da abokinsa, kuma wajenka zai dawo neman faifan. Siririyar da ta fito a 2023 ana iya ƙara mata macin faifai daga baya, amma sai an haɗa da intanet a karon farko kafin ya yi aiki. Xbox Series S ta fi araha, sai dai ba ta cin faifai sam. Ita da Nintendo Switch, bari sai wani ya ba ka kafin alƙalami kafin ka ɗauko.

Hanyar da za ka ɗaure dila ita ce lambar da ke jikin kwali. PS4 ta farko lambarta na farawa da CUH-1, siririyar CUH-2, Pro kuwa CUH-7. PS5 ta farko CFI-1 ce, siririyar CFI-2. Lambobi biyu na ƙarshe suna nuna yankin da aka yi ta dominsa: 15 na Arewacin Amurka ne, 16 na Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, 00 na Japan. Faifan wasa ba ruwansa da yanki, amma kan filogi ya bambanta, ga kuma batun garanti. Mai shago a Kano kan filogi mai ƙafa uku yake so, na Maraɗi kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu.

Ribar kullum tana cikin ƙananan kaya. Hannun gem shi ne ya fi mutuwa, musamman a gidan gem inda ake murza shi daga safe har dare, sandarsa ta fara jan ɗan wasa gefe ba tare da an taɓa ta ba. A nan dole ka nemi farashi biyu, na asali da na kwafi, kowanne da sunansa. Kwafi ba laifi ba ne in an sayar da shi a matsayin kwafi. Asarar ita ce ka biya kuɗin asali a turo maka shi. Ka tuna kuma DualShock 4, hannun PS4, ba ya buga wasannin PS5, sai DualSense, hannun PS5, kuma wayar cajinsu daban: na farko micro-USB, na biyu USB-C.

Sai batun daga ina. Dilolin Alaba da Computer Village a Legas sukan fi sauƙin farashi, na kusa da kai sukan fi sauƙin mayar da kaya. Mu ƙaddara lissafi, da alƙaluman misali kawai. Dilan nesa ya ce hannu ɗaya naira 20,000, sai ka ɗauki goma, ba canji, ga kuɗin mota 8,000. Ka kashe 208,000. In ɗaya ya zo a mace, tara suka rage, kowanne ya tsaya maka a kan fiye da 23,000. Dilan gari ya ce 22,000, kuma zai canja wanda ya ƙi aiki cikin mako. Na 22,000 ɗin ya fi araha, balle ma ba sai ka ɗauki goma ba.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance in an gama wannan tunanin:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka. Ina da shagon kayan gem a Kano, yawancin masu sayena masu gidajen gem ne. Ina roƙon a turo mini farashin sari na waɗannan: PS4 Slim, CUH-2, tokumbo wadda ba a yi wa kutse ba, guda uku, PS5 siririya mai cin faifai, CFI-2016, sabuwa a kwalinta, guda ɗaya, DualShock 4 guda goma, farashin na asali daban, na kwafi daban, DualSense na asali guda uku, wayar HDMI da wayoyin caji dozin ɗai-ɗai.

"A taimaka a bayyana mini mafi ƙarancin abin da ake ɗauka, da inda farashi ke sauka in na ƙara yawa. Shin harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki? Wa ke biyan kuɗin mota, kuma wa ke ɗaukar asara in kaya sun lalace a hanya? Kwana nawa nake da shi na dawo da abin da ya ƙi aiki, kuma canji ake yi ko gyara? Ina so a rubuta lambar kowace na'ura a kan rasit. Sannan, tunda dala ba ta tsayawa wuri ɗaya, a faɗa mini kwana nawa wannan farashi zai yi yana aiki. In mun daidaita, da yardar Allah zan riƙa ɗaukar ƙananan kaya duk wata. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Wasiƙa ɗaya tak za ka tura wa diloli biyu ko uku ba tare da canja ko harafi ba, don amsoshin su jeru a kan mizani ɗaya. Wanda ya turo farashi ya tsallake tambayar canji, sake tambayarsa a rubuce. In kuma ba ka taɓa ciniki da shi ba, fara da wayoyi da hannaye, ka sa wani naka da ke garin ya je ya ga shagon da idonsa kafin ka tura kuɗin PS5.