FPS 200 a gem, amma ido bai ga bambanci ba

"Jama'a, gem ɗina yana nuna FPS 200 a kusurwar sikirin, amma ban ga ya fi laushi a kan lokacin da yake 60 ba. A kwalin monitar an rubuta 144 Hz. Shin FPS da Hz ba abu ɗaya ba ne?"

Ɗan'uwa, abubuwa biyu ne daban, kuma na'urori biyu daban ke da alhakinsu. FPS aikin katin hoto ne da ke cikin kwamfuta: hotuna nawa ya kammala zanawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Adadin yana hawa yana sauka, in fagen wasan ya cika da hayaƙi da mutane sai ya faɗi, in ka fuskanci bango kawai sai ya tashi. Hz kuwa na monita ne: sau nawa take sabunta abin da ke fuskarta a daƙiƙa. Shi a tsaye yake, inda aka saita shi nan yake zama. Lambar da gem ke nuna maka daga wajen kati aka ƙirgo ta, ba ta san abin da ya isa idonka ba.

Mu yi lissafin da naka, a ce monitarka a 60 Hz take aiki. Monita mai aiki a 60 Hz tana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Katin da ke ba da 200 yana gama hoto ɗaya duk milisakan 5. Ke nan kafin monita ta zagayo sau ɗaya, kati ya gama hotuna uku har ya fara na huɗu. Ita kuma monita daga sama take zana hoto zuwa ƙasa, layi bayan layi, don haka in sabon hoto ya iso tana tsakiyar zane, sai ta ƙarasa da shi. Saman sikirin tsohon hoto, ƙasansa sabo. Juya kyamara da sauri a gaban wani ginshiƙi ko bakin ƙofa, za ka ga kamar an yanka shi an ɗan goce da rabinsa gefe. Wannan yagewar ita ce alamar kati ya fi monita sauri. In ka kunna V-Sync yagewar za ta tafi, amma FPS zai tsaya cak a 60, domin an tilasta wa kati jiran monita.

Zargina mafi ƙarfi shi ne monitarka ba a 144 take aiki ba. Abin da ke kan kwali iyakar ƙarfinta ne, kuma sau da yawa kwamfuta kan bar sabuwar monita a 60 har sai mutum ya canza da hannunsa. Abin yana ba ni takaici, mutum ya sayi kaya mai kyau ya shekara yana amfani da ƙasa da rabinsa. A Windows 11 bi nan:

```
Settings > System > Display > Advanced display > Choose a refresh rate
```

In 144 yana cikin jerin, zaɓe shi, sannan ka juya linzamin kwamfuta da'ira-da'ira a kan sikirin. Yanzu sabuntawa duk milisakan 6.9 ce, za ka ga sawun kibiyar ya matsu kusa da juna. Ka kuma leƙa saitin gem ɗin, domin wasu suna da nasu zaɓin Hz in sun cika sikirin.

In kuma jerin ya tsaya a 60 ko 75, koma kan kebul da ramin da ka soka shi. HDMI 1.4 ba ya iya ɗaukar 144 Hz a girman 2560×1440, sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 zuwa sama. Akwai monitocin da cikakken saurinsu ta DisplayPort kaɗai yake fitowa. Duba kuma bayan kwamfutar, kebul ɗin ya zama a jikin katin hoto yake, ba a ramukan sama da ke kusa da na USB ba.

Ko bayan ka gyara, 144 ne iyakar cikakkun hotunan da za ka gani, ba 200 ba. Rarar ba asara ba ce gaba ɗaya: hoton da monita ke ɗauka ya fi zama sabo, shi ya sa hannu kan ji wasan ya fi saurin amsawa in V-Sync a kashe yake. Ni dai in monitar tana da FreeSync ko G-Sync, kunna shi nake yi, in ƙayyade FPS a wajen 141. A haka monita ce ke jiran kowane hoto ya kammala kafin ta zana shi, kuma wannan tsari yana aiki ne kawai muddin FPS bai haura iyakar Hz ɗinta ba.