Manhajar da ta dace da yanka tsakuren daƙiƙa 30 daga dogon bidiyo

Wanda ya gama haɗa dogon bidiyo ya ɗora shi a YouTube ko Facebook yakan tarar cewa mutanen ƙauyensu ba sa buɗe shi, domin ba kowa ne zai sadaukar da datarsa a kan abin da bai san daɗinsa ba. Maganin wannan shi ne ɗan tsakure na daƙiƙa 30, wanda za a saka a sitatus na WhatsApp ko TikTok ya zama somin-taɓi. Tsawon ya samo asali ne tun lokacin da WhatsApp ba ya karɓar bidiyon sitatus da ya wuce daƙiƙa 30, kuma ko da yake an ƙara wa'adin a 2024, har yanzu wannan tsawon ya fi sauƙin buɗewa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce da wace manhaja za a yanka shi, ko kuwa gara a biya mai tace bidiyo a birni.

Zan auna su da aikin da na yi da hannuna, wato bidiyon minti 18 a kan kiwon ragon layya, wanda na fara ɗauka a garken wani baffana, na ƙarasa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Na ɗauke shi a kwance, 1920 a 1080, alhali sitatus a tsaye ake kallonsa. Idan aka yanko hoton tsaye daga na kwance, faɗin da ke saura bai wuce 608 daga cikin 1920 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Rago kuwa dabba ce mai tsawo, saboda haka ko dai kansa ya fita daga hoton ko kuwa gindinsa. Manhajar da ba za ta bari ka riƙa matsar da hoton yana bin ragon ba, ba ta da amfani a wannan aiki.

A nan ne manhajar VN ta kwanta mini a rai. Kyauta ce, ba ta manna tambarinta a kan bidiyo, kuma ɗan rubutun da take ƙarawa a ƙarshe gogewa ake yi da taɓawa ɗaya. Bayan na shigar da bidiyon na zaɓi 9:16, wato tsarin hoton tsaye, sai na yi amfani da Split na ciro guntaye shida na watsar da sauran. Daƙiƙa 3 na farko na ba wa wurin da mai saye ya damƙi gadon bayan ragon yana jinjina kitsensa, domin wanda bai tsaya a nan ba ya riga ya wuce sitatus na gaba. Daƙiƙa 7 da suka biyo baya ragon ne a rame ranar da aka sayo shi, haƙarƙarinsa a waje. Daga nan guntaye uku masu daƙiƙa huɗu-huɗu, na dusa da harawa da kuma baffa yana cewa akwai abu ɗaya da yake haɗa masa da shi kowace safiya. Daƙiƙa 5 na ciniki ne, dillali ya riƙe hannun mai saye, baffa yana cewa albarka, na kuma datse daidai lokacin da za a ambaci kuɗin sallamawa. Sauran daƙiƙa 3 rubutu ne mai sunan tashar. A guntun da ragon ke tafiya na sa Keyframe biyu, wato alamar da ke tsayar da inda hoton zai kasance a wani lokaci, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, hoton ya riƙa bin kansa a hankali.

Abin da ya ƙara mini son ta shi ne wajen Export tana barin mutum ya zaɓi nauyin bidiyon da kansa. Lissafin mai sauƙi ne: 8 Mbps sau daƙiƙa 30, a raba da takwas, ya ba da megabait 30, yayin da 4 Mbps ke ba da 15. Tun da WhatsApp zai sake matse bidiyon ko ta yaya, ni 720p a 4 Mbps nake fitarwa, ba na ɓata data a banza.

CapCut, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, ita ma tana da Keyframe kuma ta fi kowace yawan ado, sai dai kayanta da yawa na ɗauke da alamar Pro, wanda ya saka ɗaya bai lura ba sai wajen fitarwa a nemi ya biya. KineMaster ta kyauta tambarinta na zaune a kusurwa. InShot ta isa yanka ɗaya mai sauƙi. YouTube na da Edit into a Short, wanda ke maƙala tsakuren da dogon bidiyonsa, amma sai da sabis mai ƙarfi, kuma an yi shi ne domin YouTube ɗin.

Biyan mai tace bidiyo yana da kyau idan ya zauna ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Wanda na taɓa ba wa aiki bai kalla ba. Ya yanko daƙiƙa 30 na farko, inda nake sallama da gaishe-gaishe da godiya ga mai gari, ya ɗora kiɗa ya turo, ko ƙahon rago babu a ciki. Kafin ka biya kowa, ka ce ya faɗa maka a wane minti aka yi ciniki, kuma ka aika masa asalin bidiyon a matsayin Document a WhatsApp ko a memori, domin wanda aka tura ta hanyar da aka saba ya riga ya dusashe.

Babban gargaɗina shi ne a kan jabun manhajoji. A shagunan cajin waya da tura finafinai za a ce maka akwai wadda aka fasa, komai na kuɗi ya zama kyauta, a tura maka ta Xender a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na karɓi irinta sau ɗaya, kuma araha ba ta ado. Da buɗe ta sai ta nemi izinin karanta saƙonnina da lambobin mutanena, abin da ba shi da haɗi da yanka bidiyo, ni kuwa na danna amincewa cikin gaggawa. Kwana biyu bayan nan talla ta fara faɗowa a fuskar wayar ko ban buɗe komai ba, wayar ta riƙa zafi a aljihu, cajin da nake biya a yi mini da safe ba ya kai la'asar. Ranar da na zo fitar da tsakuren ta tsaya a kashi 90 da wani abu ta rufe kanta, aikin yini guda ya bi ruwa.

Alamominta a bayyane suke ga mai lura. Tana zuwa ne a matsayin fayil mai .apk a ƙarshen sunansa, sau da yawa da kalmar Mod ko Premium Unlocked a jiki, waya takan yi kashedi kafin a saka ta, kuma ba ta karɓar sabuntawa daga Play Store. Wanda ke da manhajar banki a wayar da yake aiki da ita bai kamata ya ko gwada ba. Haka nan akwai masu sayar da asusun Pro na haɗaka da rahusa, su ba ka imel da kalmar sirri, bayan mako guda su canza su sayar wa wani. Ni sai da na kwashe hotunana zuwa memori na wanke wayar gaba ɗaya kafin tallar ta daina faɗowa, sannan na jira ranar kasuwa na je inda sabis ke da ƙarfi na sauke VN daga Play Store, na sake yanka bidiyon ragon daga farko.