Fis lili ta langaɓe alhali ƙasarta da damshi: me ya kamata a saya, me ya kamata a bari

Fis lili, wadda ake samu a waya idan an rubuta Spathiphyllum, shukar ado ce mai saurin nuna damuwa. Da safe ganyenta a miƙe, kafin la'asar ya zube a bakin tukunya. Yawanci ƙishirwa ce, a ba ta ruwa ta tashi. Inda abin ke ɗaure kai shi ne ranar da aka taɓa ƙasar aka ji ta da damshi, amma ganye na kwance. A nan ne mutane ke fara kashe kuɗi: wani ya sayo takin zamani, wani maganin feshi, wani sabuwar tukunya, wani ya jefar da ita ya sayo wata daga masu sayar da fulawa a Kano. Shawarata ita ce kada a fitar da ko sisi sai an san wanne ne daga cikin abubuwa uku, wato ƙishirwa, sanyi ko ruɓewar saiwa, domin kowanne da abin da yake buƙata.

Asalin shukar nan dazuzzukan Kolombiya da Benezuwela ne, inda take tsirowa a inuwar manyan bishiyoyi, cikin ruɓaɓɓen ganye mai damshi da iska ke ratsawa. Tana jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin salshiyas. Saiwarta na son ruwa, amma tana buƙatar numfashi. Ganye kuwa yakan yi yaushi ne duk lokacin da ruwa bai kai gare shi ba, ko don babu ruwan, ko don saiwar da za ta ɗauko shi ta mutu, ko don sanyi ya hana ta aiki. Shi ya sa duka ukun suke kama da juna a ido.

A fara da ƙishirwa, don gwajinta kyauta ne. Saman ƙasa na iya yin damshi alhali cikinta a bushe, musamman idan ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, ko kuma saiwa ta cika tukunya har ruwa na bin gefe yana fita. A sami tsinken tsire mai tsabta, a soka shi kusa da gindin shukar har ƙasan tukunya, a bar shi minti biyu a zare. In ya fito a bushe, kuma tukunyar ba ta da nauyi a hannu, ƙishirwa ce. A tsoma tukunyar a cikin baho mai ruwa na kamar rabin awa, a cire ta tsane. Cikin 'yan awoyi, in ya daɗe zuwa wayewar gari, ganye zai miƙe. Mai wannan matsalar ba ya buƙatar sayen komai, sai dai in saiwa ta riga ta leƙo ta hujin ƙasa, nan ne zancen tukunya mafi girma zai taso.

Sanyi kuma lokacinsa da wurinsa ke tona shi. A ƙauyukan Kano da Jigawa, daren Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 12 ko 13, daidai inda fis lili ke fara wahala. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka tukunyar da ke bakin taga, ko baranda, ko ƙofar zaure ta wannan ɓarin ita ce ke fara kwanciya. Za a ga jiya lafiya lau, yau da asuba ta zube, kuma ganyen da ke fuskantar iskar ya fi muni. Bayan kwana ɗaya ko biyu wasu ganyayen kan yi baƙin tabo kamar an jiƙa su. Maganin shi ne a ɗauke ta a kai ta cikin ɗaki mai haske, nesa da taga da daddare, nesa da kaskon wuta kuma. A rage ruwa, domin a sanyi ba ta sha sosai. Ganyen da ya yi baƙi ba zai dawo ba, a yanke shi. Nan ma ba a sayen komai. Haɗarin shi ne mai ita ya ga ta kwanta ya ci gaba da antaya mata ruwa, sai sanyi ya buɗe wa ruɓewa ƙofa.

Ruɓewar saiwa ita ce ta fi kashe shukar, kuma ita ce ta fi sa a shiga kasuwa. Ba ta zuwa dare ɗaya. Ganyen ƙasa ke fara yin rawaya, ƙasa ta daɗe ba ta bushewa, tukunya ta yi nauyi, an ba da ruwa kuma shukar ta ƙi tashi. Ba a tabbatar da ita sai an zare shukar daga tukunya an duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi a tsakanin yatsu. Ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce ko baƙa, ta yi laushi, tana wari, kuma in an ja ta sai fatar ta saɓule a bar wani siririn zare.

Wata Hajiya a wani ƙauye kusa da Ringim ta aiko a kira ni kan tata. Ɗanta ne ya kawo mata daga birni, ita kuma ta dasa ta a tsohon bokitin fenti marar huji, da baƙar laka da aka ɗebo daga fadama, tana ba ta ruwa safe da yamma. Ta ce, "Malam, ga ruwa nan bai yanke mata ba, amma kullum ƙara kwanciya take. Ko taki zan sa a sayo?" Na ce, "Hajiya, a dakata da takin, mu ga ƙasanta tukuna." Tsinken ya fito da caɓi. Da muka juye bokitin, ruwa ne kwance a gindinsa, kusan rabin saiwar ta narke, amma kututturen tsakiya da ganye ke fitowa daga jikinsa yana da tauri. Wannan taurin ne ya sa na ce a yi ƙoƙari. Muka wanke lakar, muka gasa bakin almakashi a wuta ya huce, muka datse duk saiwar da ta yi laushi har inda ta koma fara. Muka cire ganyen da ya yi rawaya da wasu manya, tunda ragowar saiwar ba za ta iya ciyar da su duka ba. Aka dasa ta a ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji, aka ba ta ruwa sau ɗaya, aka ajiye ta a inuwa mai haske. Ta yi makonni tana nan kamar ba za ta yi ba, kafin sabon toho ya ɓullo daga tsakiya. Tsoffin ganyen ba su gama miƙewa ba har aka yanke su, kuma haka abin yake, sabon toho ake kallo.

To, tukunya wace za a saya? Ta ƙasa, irin wadda magina tukwane ke yi, ita ce zaɓina ga wanda hannunsa ke da nauyi wajen ruwa. Jikinta na tsatso da ruwa kamar randa, don haka ƙasa ba ta daɗewa a jiƙe. Sai dai yawancinsu ba a yi su don shuka ba, a roƙi mai ginin ta huda gindin tun kafin a gasa. Aibinta shi ne da bazara, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke kai digiri 40, tana bushewa da sauri, dole a riƙa dubawa kullum. Ta roba ba ta da nauyi, tana riƙe damshi, ta dace da mai mantuwa ko mai yawan tafiya, muddin akwai huji uku ko huɗu a ƙasanta. In babu, ƙusa mai zafi ta isa. Ta siminti ban ba da shawararta ba ga wannan shukar, don nauyinta zai hana a riƙa shigar da ita ɗaki da hunturu, zai kuma hana a ɗaga ta a ji ko ta sha ruwa. Kowace aka zaɓa, kada ta fi dunƙulen saiwar da fiye da faɗin yatsa biyu a kowane gefe. Ƙatuwar tukunya ga shukar da aka rage wa saiwa tana tara ruwan da babu mai shan sa. Zuba tsakuwa a gindin bokiti kuma ba ya maye gurbin huji.

Ƙasar ta fi tukunyar muhimmanci, kuma ga mutumin karkara kusan kyauta ce. Lakar fadama tana toshe iska. Rairayin jigawa zalla kuma ba ya riƙe komai. Abin da nake haɗawa shi ne awo biyu na tsohon taki ko ruɓaɓɓen ganye da ya riga ya koma ƙasa, awo ɗaya na ɓuntun shinkafa, awo ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da ɗan dakakken gawayi. Ɓuntu na nan a wajen masu injin casar shinkafa a yankunan Kura da Haɗeja. A jiƙa haɗin a damƙa a hannu, in ya dunƙule sannan ya wargaje da an taɓa shi, ya yi. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ba ya shiga, yana ƙona saiwa.

Takin zamani da maganin feshi su ne kuɗin da ya fi tafiya a banza. Saiwar da ta ji rauni ba ta iya ɗaukar taki, gishirinsa ma ƙara ƙona ta yake. A jira sai sabon ganye ya fito, sannan a ba da kaɗan, a tsarma da ruwa sosai. Maganin ƙwari kuwa ba ruwansa da ruɓewa. Ko maganin ruɓa na gaskiya ba ya tayar da saiwar da ta mutu, kuma in ƙasa ta ci gaba da zama cikin ruwa ciwon zai dawo.

Akwai lokacin da sayen sabuwa ya fi. In an matsa kututturen tsakiya aka ji ya yi laushi, ganye na zarewa daga gindi da ɗan ja kaɗan, babu farar saiwa ko ɗaya, to ta tafi. A duba ko akwai ɗan reshe a gefe mai tasa saiwar a raba shi, in babu a zubar da ita da ƙasarta, a wanke tukunyar da sabulu a shanya a rana. A wurin mai fulawa kada farin furen ya ɗauke hankali. A ɗaga ledar a duba saiwar da ke leƙowa ta ƙasa, a shinshina ƙasar, a nemi sabon toho a tsakiya. Wadda ke kwance alhali ledarta a jiƙe, a wuce ta ko da an rage kuɗi. Ƙarama mai rassa biyu ko uku ta fi babba mai kan guda, ta fi jure canjin wuri. In da hali a saya da damina, lokacin da iska ke da laima, in kuma da hunturu ne a lulluɓe ta da buhu ko kwali kafin a ɗora ta a babur. A gida a ajiye ta inda yara, kyanwa da awaki ba za su kai ba, domin ganyenta na da sinadarin da ke ƙona baki da maƙogwaro in an tauna.