Masu shagon caji da aski, ku kula da mai sayar da sola na jabu

Assalamu alaikum. Aikina haɗa sola ne, kuma abin da zan faɗa a kan ƙanena ya faru, wanda yake da shagon cajin waya da aski a bakin titi, kusa da tasha. Kuɗin man janareta ne ya ishe shi. Ana cikin haka wani mutum mai daɗin baki ya zo da mota, ya ce kamfaninsu na tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa: faranti mai wat 500, batir mai 200Ah, kwantirola da inbata, duka a naira 450,000. A ba da rabi kafin alƙalami, sauran a biya wata-wata. Ƙanena ya kwashe adashinsa ya miƙa, bai kira ni ba don ina wani aiki a ƙauye.

Kwana biyu na farko komai lafiya. A kwana na huɗu, ana kiran magariba inbata ta fara kuka, wuta ta ɗauke, ga wayoyin mutane sama da ashirin a soket, ga yaro an yi masa rabin aski. Ya kira mutumin, ya ce hazo ne, a yi haƙuri. Bayan sati biyu lambar ta daina shiga. Da na dawo ya same ni ido ya yi ja, ya ce, "Yaya, zo ka duba mini, ni dai na rasa gane kan abin nan."

Kafin na taɓa ko waya ɗaya, na zaunar da shi muka yi lissafin da ya kamata a yi tun kafin a fitar da sisi. Ana ninka wat na kowane kaya da awannin da yake aiki, sai a tara. Babbar waya takan sha kusan wat-awa 20 kafin ta cika, idan aka haɗa da abin da caja ke ɓatarwa, shi kuma yana cajin kusan 40 a rana, ka ga 800 ke nan. Kilifa biyu masu wat 15, awa huɗu suna aiki, 120. Fanka mai wat 30 na awa bakwai, 210. Ƙwai uku masu wat 5 na awa biyar, 75. Jimla kusan 1,200 a rana. Masu aski da yawa suna zaton kilifa ce mai cin wuta saboda ƙararta, alhali wayoyi ne suke cinye kashi biyu cikin uku.

A arewacin ƙasar nan ana lissafa rana mai ƙarfi da kusan awa biyar a yini, kuma zafi da ƙura da asarar waya da ta batir suna tafiya da wajen kashi 30 cikin 100. To faranti mai wat 350 zuwa 400 na gaskiya ya isa wannan shago. Da a ce 500 ɗin da aka rubuta gaskiya ce, da wuta har ta yi masa yawa.

Na hau rufin kwano da tef ɗin awo. Tsawon farantin santimita 148, faɗinsa 67, wato kusan murabba'in mita ɗaya. Nan take jikina ya yi sanyi. Farantan da ke kasuwa yanzu, ko mafi kyawunsu, murabba'in mita ɗaya ba ya wuce wat 200 da ɗan kaɗan. Mai wat 500 na gaske yakan kai wajen mita biyu a tsawo, faɗinsa ya haura mita ɗaya, ya fi ƙyauren ɗaki girma. Na juya bayansa, sai ga takardar 500W an manna ta a kan wata tsohuwa, gefenta har ya fara ɓarewa. Da tsakar rana na goge shi, na cire wayoyinsa daga kwantirola na gwada da mita: bolt 21, amfiya 7. Ko ka ninka su 147 za ka samu, kuma wannan ninkin kullum ya fi abin da faranti ke bayarwa idan yana kan aiki. Farantin wat 150 ne aka canza masa suna. Abin da zai iya tarawa a yini bai fi 500 da 'yan kai ba, shago kuma na neman 1,200. Kwana biyun farko da aka ji daɗi, cajin da mutumin ya ɗura wa batirin ne kafin ya kawo.

Batirin ne ya fi ƙona mini rai, don shi ya fi cin kuɗi. Batir irin na dalma nauyinsa ne shaidarsa, domin dalmar ce ke riƙe wutar. Mai 100Ah yakan kai kilo 30, mai 200Ah kuwa wajen kilo 60, ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Wannan ni kaɗai na sungume shi zuwa sikelin mai sayar da gas da ke makwabtaka: kilo 27, ko nauyin mai 100Ah bai cika ba. Kwalinsa babba, yana sheƙi, amma a kan sandunansa akwai shatar tsofaffin notoci. Tsoho ne aka wanke aka saka wa sabuwar takarda. Na cika shi da caja a gida, na bar shi ya huta ya nuna bolt 12.6, na jona masa kayan wat 60. Lafiyayyen 100Ah zai yi kusan awa goma kafin ya sauka rabi. Wannan bai cika awa uku ba ya faɗi ƙasa da bolt 12. Ga shi kuma an yi ta tatse shi har ƙasa kowane dare, abin da ke kashe batirin dalma da wuri, don rabinsa kawai ake so a riƙa sha.

Kwantirolar an rubuta mata MPPT, wato irin mai tsada da ta fi iya tatso wutar faranti, amma ba ta fi kwalin ashana nauyi sosai ba. Na buɗe, babu naɗin tagullar da ake samu a cikin MPPT, ashe irin mai arahar nan ce da ake kira PWM. Inbatar kuma ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, shi ya sa kilifarsa take gurnani tana zafi a hannu.

Abin da muka tsara yanzu shi ne faranti mai wat 400 da za mu auna a gaban mai shago, da batir mai 150Ah, domin kusan rabin aikinsa bayan faɗuwar rana yake, wato wat-awa 600, abin da 100Ah zai ɗauka da ƙyar ba tare da rara don ranar hadari ba. Wayoyi za su koma kan caja mai shan wuta kai tsaye daga batir, inbata ƙarama mai tsabtatacciyar wuta ta tsaya wa kilifa kaɗai.

Don Allah 'yan'uwa, duk wanda ya zo muku da irin wannan tayi, ku tambaye shi ina shagonsa, ku taka ku je ku gani. Idan bai tambaye ku waya nawa kuke caji a rana ba ya fara faɗin farashi, ku tsaya. Kada ku ba da kafin alƙalami sai an auna faranti da tef, an ɗora batir a sikeli, an rubuta garanti a rasit mai adireshi. Rasit ɗin da ya ba ƙanena lambar waya ce kawai a jiki. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma a can muka tarar da wani mai shayi da wani mai aski da aka yi wa irin wannan da mota iri ɗaya. Ƙanena ya koma kan janareta yana tara kuɗin batir, mutumin kuma har yanzu ba a kama shi ba.